Yadda Ake Tsara Bayanin Bidiyon Gidan Haya Ba Tare da Ɓoye Girma, Hayaniya ko Matsalar Ruwa Ba

Dillalai da masu gidaje suna yawan tambayar yadda ake ɗaukar bidiyon zagayen gida wanda za a tura wa mai neman haya ta WhatsApp, da kuma abin da mutum zai riƙa faɗa yana tafe da waya a hannu. Yawancin rigimar da ke biyo bayan irin wannan bidiyo a kan abu uku take. Ko dai ɗakin ya fito da faɗi a waya amma gado ya ƙi shiga, ko an ɗauka da rana tsaka unguwa shiru alhali da dare janareta ba ya barin kowa barci, ko kuma an ce "akwai ruwa" alhali famfon ya shekara bai ɗiga ba. Maganin duka ukun ɗaya ne: a auna kafin a yi magana, kuma duk abin da baki ya faɗa a bar kyamara ta nuna shi a lokacin.

Misalin da za mu bi shi ne falat mai ɗaki biyu da falo a hawa na ɗaya, cikin gida mai falat huɗu, a unguwa irin Hotoro ko Naibawa a Kano. Alƙaluman gidan na misali ne, kowa zai sa nasa.

1. Kayan aiki da neman izini

Abin da ake buƙata bai da yawa: waya mai cikakken caji, tef ɗin awo na mita 5 irin na kafintoci, bokitin fenti fari mai cin lita 20 wanda aka wanke, kofin gilashi, da takarda da biro. Tef ɗin ne kawai za a iya cewa sai an saya, kuma kowane shagon kayan gini yana da shi. Agogon ƙirga daƙiƙa yana cikin wayar.

Kafin a taka gidan a gaya wa mai shi cewa bidiyon zai faɗi awon ɗakuna da gaskiyar ruwa da hayaniya. Wani mai gidan zai ce, "Malam, ai wannan korar mutane ne." Amsar da ta dace ita ce: "Alhaji, wanda zai gudu saboda ruwa gara ya gudu tun a waya, da ya biya kuɗin shekara ya dawo bayan wata biyu yana neman a mayar masa." Idan ya ƙi a faɗi aibin da ya san yana nan, gara dillali ya haƙura da wannan gidan, domin shi za a fara nema a waya ranar da abin ya bayyana.

Gargaɗi: idan har yanzu akwai iyali a ciki, ko akwai maƙwabta a sauran falat ɗin, a yi sallama a nemi izini tun ana gobe. Kada fuskar matan gida, ko yara, ko lambar mota ta fito. Lambar gidan ma ba a nuna ta, sunan unguwa da wata alama da ke kusa sun isa.

2. Awon ɗakuna

Wannan aikin ana yin sa ne kafin a kunna kyamara. A auna tsawo da faɗin kowane ɗaki daga bango zuwa bango, a ƙasa, ba a tsakiyar iska ba, a rubuta. Idan babu tef, tayil zai yi aikin. Tayil ɗin ƙasa da aka fi sawa a gidajen haya mai santimita 40 ne ko mai 60, a banɗaki kuma galibi mai 30. A auna guda ɗaya a tabbatar, sannan a ƙirga jere. Ɗakin da ya ci tayil 9 a tsawo da 8 a faɗi, mai santimita 40, ya zama mita 3.6 da mita 3.2, wato kusan ƙafa 12 da ƙafa 10 da rabi.

Sai dai mai neman haya ba da mita yake tunani ba, da kayan ɗaki yake tunani, musamman ango da iyayen amarya. Don haka a juya awon zuwa gado. Katifa mai shida da shida tana cin kusan santimita 183 ta kowane ɓangare, kuma katakon gadon yana ƙara wani abu a kai. A ɗakin nan mai mita 3.2 a faɗi, idan an jingina gadon da bango saura kusan santimita 137. A sa wadirob mai zurfin santimita 60 a ɗaya bangon, hanyar wucewa ta koma santimita 77 ko ƙasa da haka. Mutum zai wuce, ƙofar wadirob za ta buɗu da ƙyar, amma madubin kwalliya ba shi da wuri a wannan gefen. Abin da ya kamata a faɗa a bidiyo ke nan: "gado shida da shida da wadirob za su shiga, madubi sai dai ta ƙafar gado." Wannan jimla ta fi "ɗaki ne wadatacce" amfani nesa ba kusa ba.

A falo a yi irin wannan lissafin da kujeru. A faɗi ko zai ɗauki cikakken saiti, ko sai an bar mai zaman mutum biyu. A lura da inda ƙofofi suke, domin falo mai ƙofa huɗu ba shi da bangon jingina kujera ko da yana da faɗi. A kicin a auna wurin da firiji zai tsaya, a kuma duba ko akwai inda za a ajiye tukunyar gas.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙofa da matakala. A auna faɗin ƙofar shiga, da faɗin benen, musamman a kwanar da yake juyawa. Kujera mai zaman mutum uku da ba ta iya juya kwanar bene ta sha ɓata ranar jere, har a kai ga kiran kafinta ya kwance ta a tsakar gida. Idan tsakar gidan ana ajiye mota, a faɗi mota nawa take ɗauka, da ko sai wani ya fitar da tasa kafin wani ya fita.

Gargaɗi: wayoyi da yawa suna da maɓallin 0.5x a kyamara. Shi ne ke sa ƙaramin ɗaki ya zama kamar zauren taro, yana kuma lanƙwasa bango a gefe. A bar kyamara a 1x daga farko har ƙarshe. Idan banɗaki ya yi ƙanƙantar da ba zai fito ba sai da 0.5x, a faɗa da baki cewa an canza, sannan a mayar.

3. Binciken ruwa

Nan ne ya fi cin lokaci, kuma nan ne kalma ɗaya take yaudara. "Akwai ruwa" na iya nufin ruwan famfon gwamnati da ke zuwa daga matatun Tamburawa ko Challawa, ko bohol ɗin cikin gida, ko rijiya, ko kuma 'yan garuwa suna wucewa ta ƙofa. Duka ana kiransu ruwa, amma rayuwa a kowanne daban take. Don haka a bidiyo kada a furta "akwai ruwa" ita kaɗai. A faɗi daga ina yake zuwa, yaushe, da ƙarfi nawa, kuma wa ke biya.

Idan ruwan gwamnati ne, a tambayi maƙwabta biyu, ba mai gida ba: ranar da ya zo na ƙarshe, sau nawa yake zuwa a mako, da ƙarfe nawa, kuma ko yana hawa bene. A unguwanni da yawa bututun yana nan amma ya bushe, a wasu kuma ruwan yana zuwa da tsakar dare ne a famfon tsakar gida kawai, sai an tara a ƙasa sannan inji ya tura sama. Mai shagon da ke bakin layi da matan da ke falat na ƙasa su ne suka fi kowa sanin wannan.

Idan bohol ne, kamar gidan misalinmu, to ruwan ya rataya ne a wuyan wuta. Injin da ke cikin bohol ɗin ba ya aiki sai da wutar KEDCO, ko janareta, ko sola. A tambaya wanne ne, wa ke riƙe da makullin kunnawa, wa ke sayen mai idan wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, kuma idan injin ya ƙone mai gida ne zai gyara ko karo-karo 'yan haya za su yi. Daga nan a leƙa tankin sama a karanta girmansa, galibi a rubuce yake a jiki.

Ga lissafin da ke bayyana gaskiya. Tanki mai lita 2,000 ne, falat huɗu ke sha. A ɗauka kowane falat mutum 5, jimla mutum 20. Idan kowa ya yi amfani da lita 50 a rana wajen wanka, girki, wanki, alwala da banɗaki, gidan na shan lita 1,000 kullum. Ke nan tanki cike kwana biyu yake yi. Ranar da aka yi babban wanki ko aka yi baƙi ba zai kai ba. Abin faɗa a bidiyo shi ne: "idan an ɗauke wuta, ruwan tanki na kai wa kwana biyu, bayan nan sai garuwa."

Sai gwajin bokiti. A je banɗakin da ya fi nisa da tanki, a buɗe famfo har ƙarshe, a ɗora bokitin lita 20, a kunna agogo. Idan ya cika a minti 2, ruwan na gudu lita 10 a minti, wannan mai kyau ne kuma shawa za ta yi aiki. Idan ya ɗauki minti 5, lita 4 ke nan a minti, za a yi wanka da bokiti amma shawa ɗigo kawai za ta yi. A falat na sama rashin ƙarfi yakan faru ne saboda tankin bai ɗara kan shawar da tsawo sosai ba. Idan kuma famfo ɗaya ne kawai ke da rauni, sauran suna gudu, to galibi toshewa ce a bakin famfon, mai gyaran famfo zai warware ta cikin ɗan lokaci. A gwada kicin, a kuma ja ruwan masai a jira a ga ko tankinsa ya sake cika.

Ruwan da ke cikin farin bokitin kada a zubar. A bar shi ya kwana. Da safe idan an ga yashi ko jan laka a ƙasa, ko ruwan ya juye ja-ja, a faɗa. Jan da ke fitowa bayan ruwa ya sha iska alamar ƙarfe ce a ciki, kuma yana ɓata fararen kaya da tayil ɗin banɗaki. Idan sabulu ba ya kumfa da kyau, ko bakin famfo ya yi farin ɓawo, ruwan mai nauyi ne. A zuba a kofin gilashi a nuna wa kyamara. Amma kada a ce "ruwan sha ne mai kyau", domin ido ba ya ganin ƙwayar cuta. A faɗi abin da mutanen gidan ke yi kawai: suna sha, ko suna girki da shi su sayi na leda don sha.

Gida mai rijiya kuwa, a taka a auna nisanta da sokawe, har da na maƙwabta ta bayan katanga. Ana son tazara ta kai mita 30, kuma wadda ba ta kai 15 ba lallai a ambace ta.

Gargaɗi: ruwan watan Satumba ba shi ne na watan Afrilu ba. Bayan damina rijiyoyi a cike suke, amma daga Maris zuwa Mayu suna ja da baya, bohol marar zurfi kuma ya fara tari yana kawo iska. Bidiyon da aka ɗauka da kaka dole ya faɗi abin da maƙwabta suka ce game da bazara. Haka nan kada a cika tanki da ruwan tanka ana gobe ɗauka sannan a buɗe famfo a ce bohol ne. Wannan ha'inci ne ƙarara.

A ƙarshe a tare mai garuwa a layin a tambaye shi nawa yake kai jarka mai lita 25 a ranar, da ko yana ƙara kuɗi idan zai hau bene, domin da yawa suna ƙarawa. Iyali mai mutum 5 a lissafin lita 50 suna buƙatar jarka 10 a rana. Idan ya ce ₦150, to ₦1,500 ke nan duk ranar da tanki ya bushe. A faɗi farashin tare da watan da aka tambaya, saboda yana motsi.

4. Sauraron unguwa

Hayaniya ba a gane ta da zuwa ɗaya. A je sau uku a ranar aiki: da safe wajen ƙarfe 7 lokacin da 'yan makaranta da masu adaidaita sahu ke fita, da yamma bayan la'asar, sannan da dare tsakanin ƙarfe 8 da 10, kuma an fi so a dace da daren da babu wuta, don a ji janaretocin layin duka a kunne. Idan akwai wurin taron biki a kusa, sai an ƙara da daren Juma'a ko Asabar.

Kafin a shiga a zagaya layin gaba da na baya a ƙafa. Abin da ake nema: injin markaɗe ko na niƙa, masu walda, masu buga bulo, gidan burodi, makaranta, gidan kallon ƙwallo, tashar adaidaita, da titin da tirela ke bi da dare. Gidajen da ke kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano suna da ƙarar jirgi. Masallaci da Islamiyya a faɗi nisansu da ko lasifikar na fuskantar tagar ɗakin kwana. Da yawa kusancin masallaci ne ma suke nema, mai jariri ko majinyaci kuma yana da haƙƙin sani kafin ya biya.

A cikin ɗakin kwana a tsaya shiru daƙiƙa 15 taga a rufe, sannan 15 taga a buɗe. Na biyun ya fi muhimmanci, domin a zafin Afrilu ba wuta babu mai kwana da taga a rufe. A kuma duba inda maƙwabta ke ajiye janareta: idan ƙarƙashin tagar ɗakin ne, ban da ƙara akwai hayaƙi, kuma wannan ya wuce damuwa, haɗari ne ga rai. A sa wani ya yi magana da muryar hira a falat na kusa ko ya yi tafiya a sama, a ji ko bango yana riƙe sauti.

Akwai manhajojin auna ƙara a waya. Ba su da daidaito sosai, amma suna taimakawa wajen kwatance: a ma'aunin ƙara da ake kira dB, ɗaki mai shiru yakan nuna 30 zuwa 40, hira ta yau da kullum kusan 60. Ɗakin kwanan da ke nuna 60 da dare daidai yake da a ce ana hira a kan mai barci.

Gargaɗi: wayoyi da yawa suna danne ƙarar bayan fage don muryar mai magana ta fito, saboda haka janareta yakan fito a bidiyo da sauƙi fiye da yadda yake. Shi ya sa ake yin shiru, kuma ake faɗin ƙarar da baki. Kada a ɗora waƙa ko kiɗa a kan bidiyon gida ko kaɗan. Duk mai wayo da ya ji kiɗa zai ɗauka akwai abin da aka rufe.

5. Rubuta abin da za a faɗa

Yanzu takarda ta cika da awo, sai a tsara magana bisa yadda ƙafa za ta bi: titi, ƙofar gida, tsakar gida, bene, falo, ɗakuna, kicin, banɗaki, tanki, sannan kuɗi. Minti uku zuwa huɗu sun isa, ban da lokacin gwajin bokiti. Kowane aibi a faɗe shi a wurin da yake, ana nuna shi, kada a tara su a ƙarshe inda mutane da yawa sun riga sun rufe bidiyon. Kalmomi irin su "katafare", "tsit", "ruwa ba ya yankewa" da "daf da titi" a cire su, a sa lamba a madadinsu. Ga yadda na gidan misalinmu zai kasance.

A bakin layi, kyamara na kallon hanya:

"Assalamu alaikum. Yau Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a watan Nuwamba. Wannan shi ne layin. Daga kwalta zuwa nan tafiyar minti shida ce a ƙafa. Layin ba kwalta, kuma maƙwabta sun ce a watan Agusta ruwa na kwanciya a wancan kwanar, ƙaramar mota na wucewa amma a hankali. Ga mai markaɗe can, gida uku tsakani, yana aiki daga safe zuwa magariba."

A tsakar gida da bene:

"Falat huɗu ne a gidan, uku da mutane. Tsakar gida na ɗaukar mota biyu, kuma yanzu akwai mai ajiye ɗaya. Benen nan faɗinsa mita ɗaya ne, ga kwanarsa. Mai babbar kujera ya auna ta kafin ya zo."

A falo da ɗakuna, ana tsaye a bakin ƙofa:

"Falo mita 4.4 da mita 3.6. Zai ɗauki mai zaman mutum uku, da mai biyu, da ɗaya. Cikakken saiti zai toshe ƙofar kicin. Babban ɗaki mita 3.6 da 3.2, ga tef ɗin a ƙasa. Gado shida da shida da wadirob za su shiga, hanyar da za ta rage ƙasa da mita ɗaya ce. Ƙaramin ɗaki mita 3 da 2.8, na yara ne ko katifa huɗu da rabi. Zan yi shiru ku ji ɗakin, taga a buɗe."

Bayan shirun:

"Ƙarar da kuka ji ta markaɗen ce, tana tsayawa da magariba. Da dare idan babu wuta, maƙwabcin baya na kunna janareta har wajen sha ɗaya, ana jin sa a wannan ɗakin sosai, a ƙaramin kuma kaɗan. Na ɗauki sautin daren jiya, yana ƙarshen bidiyo. Masallaci na bayan layi, ana jin kiran salla sarai."

A banɗaki, bokiti a ƙarƙashin famfo:

"Ruwan bohol ne na cikin gida, babu na gwamnati a layin nan. Da wutar KEDCO injin ke aiki, babu sola. Ga bokitin lita 20, ga agogo. Ya cika a minti uku da ɗan kai, wato kusan lita 6 a minti. Shawa na aiki amma ba ƙarfi. Ga ruwan a kofi. Mutanen gidan suna girki da shi, na sha suna saye. Tanki lita 2,000 ne na falat huɗu, yana kai wa kwana biyu in ba wuta. Maƙwabta sun ce a bazara sai an kunna injin sau biyu kafin tanki ya cika. In ya bushe akwai 'yan garuwa, jarka ₦150 a wannan watan, da ƙari in za a hau bene."

A rufe da kuɗi:

"Haya ₦900,000 a shekara. La'ada kashi goma, ₦90,000. Kowane falat da mitarsa mai kati. Wutar bohol da gyaransa karo-karo ne tsakanin falat huɗu, yashe sokawe na mai gida ne. Kada kowa ya tura kuɗi sai ya zo ya gani da idonsa, ya buɗe famfo da hannunsa."

A lura cewa abubuwa masu kyau ma da hujja ake faɗinsu. Idan ɗakin na shan iska, a nuna tagogi biyu da ke fuskantar juna. Idan silin bai taɓa yoyo ba, a ɗaga kyamara a nuna shi ba tabo.

6. Ɗaukar bidiyon

A riƙe wayar daidai ƙirji, da hannu biyu, a yi tafiya a hankali. Ɗaukar daga ƙasa kusa da tayil ko daga lungun ɗaki tana ƙara wa wuri girman da ba shi da shi. A kowane ɗaki a tsaya a bakin ƙofa a juya daga hagu zuwa dama har a ga kusurwa huɗu, sannan a nuna sama da ƙasa. Idan ɗakin babu komai, a sa mutum ya tsaya a jikin bango ko a shimfiɗa darduma, don ido ya samu abin kwatance. 

A ɗauka da hasken rana, fitilu a kashe, don a ga ɗakin da ke da duhu. A nuna gindin bango: fenti da ya kumbura ko farin gishiri da ke fitowa a ƙasan bango alamar damshi ce, kuma layin da ya zagaye katanga a tsawo ɗaya yana nuna inda ruwan damina ya taɓa kai wa. Sabon fenti a ƙasan bango kawai, sama kuma tsoho, abin tambaya ne.

Gargaɗi: daga ƙofar gida zuwa banɗaki a yi ɗauka ɗaya ba yankewa. Gwajin bokiti musamman kada a yanke shi. Idan minti uku sun yi yawa, a bar kyamara a kan bokitin da agogon a ci gaba da bayanin tanki da garuwa har ya cika. Da zarar an yanke, mai kallo ba shi da tabbacin cewa ba da wani bokitin aka ƙarasa ba.

7. Dubawa da turawa

A kalli bidiyon da takardar awo a hannu, a tabbatar kowace lamba da aka faɗa ta yi daidai da wadda aka rubuta. A tura wa mai gida ya gani kafin kowa, domin kada gobe ya ce bai san an ce yashe sokawe nasa ba ne. Abin da aka faɗa kan wa ke biyan me, a sa shi cikin takardar yarjejeniyar haya yadda yake.

WhatsApp yana rage ingancin bidiyo, har lambobin tef da na agogo su dushe. A zaɓi HD wajen turawa, ko a tura shi a matsayin fayil ta Document. A ƙarƙashinsa a rubuta awon ɗakuna, tushen ruwa, girman tanki, lokutan hayaniya, kuɗi, da ranar ɗauka, domin bidiyo yana yawo daga waya zuwa waya har ya kai ga wanda ba a sani ba, wani lokaci bayan watanni.

Idan gidan bai samu mai shiga ba har yanayi ya juya, ko injin bohol ya lalace, ko an buɗe shagon walda a layin, a sake ɗaukar ɓangaren da ya canza a goge tsohon. Ranar da aka ba da gidan kuma a sauke bidiyon daga duk inda aka sa shi, a sanar a zaurukan da aka tura, domin tsofaffin bidiyon gidaje su ne 'yan damfara ke ɗauka su karɓi kuɗin kafin alƙalami a hannun mutanen da ke nesa.